Dalata tana Upwork: ta wace hanya zan sauko da ita banki ba tare da an yanke ni da yawa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zanen tambari da fosta a Upwork, a wata nakan samu kamar dala 800. Da Direct to Local Bank nake cirewa tunda cajinsa bai kai dala 1 ba, amma wani abokina ya ce asara nake tafkawa, wai in buɗe asusun dala a banki. Wasu kuma sun ce Payoneer ko Grey. Wanne ya fi? Daga Zariya nake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya yi gaskiya rabi. Ana yanke ka fiye da yadda kake zato, wannan haka ne. Amma maganin da ya ba ka na mai samun dala dubu uku ne zuwa sama, idan ka sha shi a kan dala 800 zai fi cutar zafi.

Fara da cire idonka daga kan caji. Abin da Upwork ke rubutawa a gaban Direct to Local Bank, wato $0.99, gaskiya ne, ba a ƙara maka ko sisi a kansa. Sai dai ba nan kuɗinka ke tafiya ba. Idan ka zaɓi wannan hanya, dalarka ba ta isowa Najeriya a matsayin dala. Tun a can ake canza ta zuwa naira, a farashin da abokin hulɗar kamfanin ya yanka, kai kuma sai dai ka ga alat. Bambancin da ke tsakanin wannan farashi da farashin kasuwa na ranar, shi ne ainihin abin da ka biya, kuma ba za ka taɓa ganinsa a rubuce da sunan caji ba. Kamar mai awo ne da ya ce ba zai karɓi la'ada ba, amma mudunsa ƙarami ne.

Saboda haka awo ɗaya ne ke aiki a kan kowace hanya. Ka ɗauki nairar da ta shiga asusunka, ka raba ta da dalar da ta bar Upwork. Abin da ya fito shi ne farashin da ka sayar da dalarka a zahiri, bayan kowa ya ɗebi nasa. Shi za ka ajiye kusa da farashin kasuwa na wannan ranar. Ka koma kan cirewarka uku na baya ka yi wannan lissafi, minti biyar ya isa, za ka san inda kake tsaye fiye da duk abin da ni ko abokinka za mu gaya maka.

Bari in yi maka lissafin a kan dala 800 ɗinka. Farashin canjin da zan yi amfani da su misali ne na ɗauka don a ga yadda abin ke aiki, kai za ka sa na ranar da kake cirewa. Mu ce dala tana naira 1,500 a kasuwa. Da babu mai taɓa komai, naira 1,200,000 za ka samu.

A Direct to Local Bank, an cire $0.99, saura dala 799.01. Mu ce farashin da aka ba ka 1,440 ne, wato ƙasa da kasuwa da kashi 4 cikin 100. Abin da zai shigo kusan naira 1,150,500 ne. Ka biya kusan naira 49,500, alhali a ranka kana ganin naira 1,500 kawai ka biya. A shekara wannan ya doshi naira 600,000, kuɗin kwamfuta mai kyau ke nan. Alherin wannan hanya shi ne ba ta da wahala: hannu ɗaya ne tsakaninka da kuɗinka, kuma Upwork yana nuna maka ƙiyasin nairar kafin ka danna. Wanda ke cire dala 50 ko 100 ba shi da dalilin wahalar da kansa da wata hanya.

Payoneer mataki biyu ne. Kuɗin ya bar Upwork ya shiga asusunka na Payoneer yana dala, a cire ɗan caji na dala ɗaya ko biyu. Daga nan kai ne za ka zaɓi ranar da za ka sauke shi zuwa banki, kuma a nan ne suke ɗaukar nasu, kaso ne daga farashin canji. Mu ce an cire dala 2, saura 798, aka canza a 1,470. Ka samu naira 1,173,000 da ɗoriya. Ka sayar da dalarka a 1,466 ke nan. Abu ɗaya da mutane ke mantawa da shi: Payoneer yana da kuɗin shekara na $29.95 da yake cirewa daga asusun da kuɗin da ya shiga cikinsa a wata 12 bai kai wani adadi ba. Mai aiki kowane wata ya duba wannan adadi a shafin caji na asusunsa, wanda kuma ya buɗe ya bari ya san za a taɓa ɗan abin da ya rage a ciki. Idan wata rana ka fara aiki a Fiverr ma, wannan asusun zai yi maka amfani, domin Payoneer na cikin manyan hanyoyin cirewa a can.

Hanya ta uku ita ce ta su Grey, Cleva da Geegpay da ya koma Raenest. Abin da suke ba ka shi ne lambar asusu ta Amurka da sunanka, tare da lamba mai alƙaluma 9 da ake kira routing number, ta hannun wani bankin Amurka da suke hulɗa da shi. Sai ka sa waɗannan lambobi a Upwork a ƙarƙashin Direct to U.S. Bank, wanda ke bi ta ACH, tsarin tura kuɗi tsakanin bankunan Amurka, kuma a da Upwork ba ya cajin komai a kansa, ka duba ko har yanzu haka ne. Kuɗin ya sauka a manhajar yana dala, su cire cajin karɓa, ka canza zuwa naira a farashinsu lokacin da ka ga dama, ka tura bankinka. Mu ce cajin karɓa kashi 1 cikin 100 ne, dala 8, saura 792, aka canza a 1,490. Naira 1,180,000 ke nan, dalarka ta tafi a 1,475. A wannan misali ita ce kan gaba, kuma a abin da na saba gani a kuɗi irin naka, yawanci haka take fitowa, domin waɗannan kamfanoni gasa suke yi da juna a kan farashin canji. Amma tana da nata ciwon kai, zan dawo kansa.

Yanzu ga shawarar abokinka. Asusun dala a banki, wanda ma'aikatan banki ke cewa domisiliyari, ana tura masa kuɗi daga Upwork ta Wire Transfer, wato ta SWIFT, tsarin da bankuna ke tura kuɗi daga ƙasa zuwa ƙasa. Cajin Upwork a nan tsayayye ne, dala 30 ne a shekarun baya kafin a ɗaga shi zuwa dala 50, ko dala 200 ka tura ko 20,000. Ba a nan ya tsaya ba. Bankinka na Najeriya ba ya karɓar dala kai tsaye, yana da asusu a wani babban banki a New York, irin su Citibank, ta nan dalar ke bi. Wannan banki da ke tsakani shi ma yakan yanki nasa kafin ya miƙa, kuma ba kai aka tambaya ba. Mu ce ya ɗauki dala 15. Daga 800 saura 735. Ka je banki ka ciro, ka kai wa ɗan canji ya saya a 1,510, sama da kowa. Naira 1,109,850. Ka sayar a farashi mafi tsada, amma ka tashi da kuɗi mafi ƙanƙanta, dalarka ta tafi a 1,387. Ko hanyar da kake bi yanzu ta fi wannan da naira 40,000.

Dalilin a fili yake. Dala 65 a kan 800 ya haura kashi 8 cikin 100. Amma dala 65 ɗin ba ya girma idan kuɗin ya girma, shi kuwa kaso yana girma. Tara kuɗin wata uku, dala 2,400, ka tura sau ɗaya: 2,335 za su iso, farashinka ya koma 1,469. Idan dala 5,000 ce, ya zama 1,490, ya wuce duk sauran. Da waɗannan alƙaluma, asusun dala yana fara cin hanyarka ta yanzu ne daga wajen dala 1,400, yana fara cin hanya ta uku daga wajen dala 2,800. Ga yadda za ka nemo wannan iyaka da naka alƙaluman: ka haɗa duk cajin da ba ya canzawa, ka mayar da shi naira, ka raba da ribar da kake samu a kan kowace dala idan ka sayar da kanka. Abin da ya fito, ƙasa da shi kada ka tura ta SWIFT.

Na san inda abokinka ya samo maganarsa, kuma a lokacinta gaskiya ce tsantsa. Kafin watan Yunin 2023, farashin hukuma yana wajen naira 460, a Wapa ta Kano da Zone 4 ta Abuja kuwa ana sayen dala wajen 750. Duk wanda ya bari aka canza masa dala a farashin hukuma a lokacin, ya yi kyautar kusan kashi 40 cikin 100 na guminsa. Ko dala 300 gare ka, biyan cajin SWIFT ka riƙe dalarka a hannu ya fi. A ranar 14 ga Yuni, 2023, Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya bar naira ta nemi farashinta, ta faɗi sosai, ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma daga baya ratar da ke tsakanin farashin hukuma da na 'yan canji ta tsuke ƙwarai. Da ratar ta tsuke, abin da ke biyan cajin dala 65 ya tafi. Mutane da yawa har yanzu da lissafin 2022 suke ba da shawara. Ka riƙa duba wannan rata lokaci zuwa lokaci, domin ranar da ta sake buɗewa, amsar tambayarka ma za ta sauya.

Duk da haka ina ganin ka buɗe asusun dalar, ko da ba ta nan za ka riƙa cirewa kowane wata ba. Amfaninsa ajiya ne. Idan a wata kana cin dala 500 kana rage 300, babu dalilin mayar da 300 ɗin naira, musamman idan abin da kake tarawa domin saye, kamar kwamfuta ko allon zane, farashinsa da dala yake tafiya. Buɗewar na buƙatar BVN, NIN, hoto, takardar shaidar adireshi kamar ta kuɗin wuta, kuma bankuna da dama suna neman mutum biyu masu asusun karent su tsaya maka, kodayake wasu suna da nau'i mai sauƙin sharaɗi. Payoneer ma yana ba da damar sauke dala zuwa asusun dala, ka kwatanta cajinsa da na Upwork kafin ka zaɓa. Sannan ka san cewa ganin dala a asusu daban, riƙe ta a hannu daban. Akwai ranar da za ka je reshe a ce babu tsabar dala, ka dawo jibi. Idan an ba ka, ka duba takardun a gaban kanta. 'Yan canji sun fi son takardar dala 100 mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013. Tsohuwa, ko mai tabo, ko ƙananan takardu na 10 da 20, sai an rage maka farashi, kuma wannan ragin zai iya cinye ƙarin naira goma a kan kowace dala da ka sha wahalar nema.

Sai abin da ya fi caji cin mutane, wato suna. Upwork ba ya yarda a tura kuɗi sai zuwa asusun da sunansa ya dace da sunan da aka tantance ka da shi. Mu kuwa sunayenmu ba sa zama wuri ɗaya: Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Muh'd a takardar makaranta, ga sunan gari da wani ya sa a ƙarshe wani ya cire. Ni da kaina na taɓa tura dala 1,900 ta SWIFT zuwa wani banki da ba sai na ambata ba, a can an rubuta sunan mahaifina a gaba, a nan an rubuta shi a tsakiya da harafi ɗaya daban. Kwana goma ina zirga-zirga, wata ma'aikaciya tana duba kwamfuta tana cewa ba su ga komai ba. Sai da na nemo takardar shaidar turawa, wadda ake kira MT103, na kai musu, sannan aka gano kuɗin yana rataye ana jiran a tabbatar ni ne. Da ba a gano ba, komawa zai yi inda ya fito, kuma idan ya koma ba ya komawa cikakke, cajin hanya ya riga ya tafi. Tun daga ranar na gyara komai ya bi abin da ke kan NIN, harafi da harafi. Ka yi wannan kafin ka ƙara kowace hanya.

Kuskure biyu kuma da ke kusa da wannan. Na farko, sa lambar asusun naira a wurin Wire Transfer. Dala ta zo ta tarar da asusun naira, ko dai bankin ya canza a farashinsa ba tare da shawararka ba, ko ya mayar. Na biyu, matakin asusu. Asusun mataki na ɗaya, irin wanda ake buɗewa a waya cikin minti biyu, ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Ka turo masa miliyan ɗaya, sai ya ƙi karɓa ko a riƙe kuɗin har ka kai takardu. Asusun da za ka riƙa saukewa a ciki ya zama na mataki na uku.

Na ce zan dawo kan hanya ta uku. Lambar asusun da suke ba ka ba taka ba ce kamar yadda asusunka na banki yake naka. Kamfanin ne ke da alaƙa da bankin Amurka, kai kana ƙarƙashinsa. Idan suka sauya banki, lambobinka na iya sauyawa, za su aiko da saƙo, kuma wanda bai karanta ba ya tura kuɗi tsohuwar lamba sai ya yi makonni yana jiran su dawo. Saboda haka kafin kowace cirewa, buɗe manhajar ka kwatanta lambobin da waɗanda ke Upwork. Suna kuma iya tsayar da kuɗi su nemi shaidar inda ya fito. Wannan ba zalunci ba ne, doka ce ke kansu, kuma wanda ya ajiye kwangilarsa da rahoton kuɗinsa na Upwork yakan wuce da wuri. Idan abu ya lalace kuma babu reshen da za ka shiga ka zauna a gaban manaja, saƙo za ka tura ka jira. Shi ya sa nake ɗaukar su a matsayin gada. Kuɗi ya bi ta kai ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, ba na tara dalar wata shida a ciki.

Za ka kuma haɗu da masu cewa ka turo musu dalarka ta Payoneer su ba ka naira sama da farashin kasuwa, a WhatsApp ko Telegram. Ka tambayi kanka me ya sa mutum zai saya da tsada abin da zai samu da araha. Nairar da zai turo maka ba ka san daga asusun wa ta fito ba. Idan ta damfara ce, wanda aka damfara zai kai ƙara, a bi sawun kuɗin, a rufe asusun da suka sauka a ciki, wato naka. Haka nan cirewa ta asusun yayanka ko na abokinka saboda naka bai gama tantancewa ba: abin da ke sa a dakatar da asusun Upwork ne, kuma asusun da ka gina da taurari biyar ya fi duk wani bambancin canji daraja.

Game da lokaci, kada ka ɗora wa hanyar cirewa laifin da ba nata ba. A aikin da aka yanka farashinsa, bayan mai aiki ya saki kuɗi akwai kwana 5 na tsaro kafin su zama naka. A aikin awa, mako yana rufewa ranar Lahadi, mai aiki yana da zuwa Juma'a ya duba, kuɗin su fito Laraba ta gaba, kwana 10 ke nan. Sabuwar hanyar cirewa kuma sai ta yi kwana 3 kafin ta fara aiki, don haka kada ka bari sai ranar da kuɗin haya ya taso sannan ka ƙara ta. ACH da SWIFT duka ba sa tafiya Asabar da Lahadi da ranakun hutun bankunan Amurka. Wanda ya danna cirewa daren Juma'a, ya sa a ransa sai cikin mako mai zuwa.

Da ni ne a wurinka, ga abin da zan yi a wata mai zuwa. Zan bar Direct to Local Bank a wurinsa don ranar gaggawa. Zan buɗe ɗaya daga cikin asusun hanya ta uku da Payoneer, in jira su gama tantancewa. Ranar da dala 800 ta fito, zan buɗe allon cirewa na Direct to Local Bank in rubuta ƙiyasin nairar da ya nuna ba tare da na danna ba, wannan kyauta ne. Sai in tura dala 100 ta hanya ta uku, 100 ta Payoneer, in sauke su naira a rana ɗaya, domin idan ranakun suka bambanta motsin kasuwa za ka auna, ba hanyar ba. Ka lura cajin dala 2 a kan 100 zai yi nauyi fiye da yadda zai yi a kan 800, saboda haka ka ware shi ka sake lissafa shi a kan cikakken kuɗin. Wadda ta ci, sauran 600 su bi ta. Bayan wata uku ka sake gwadawa, tunda kamfanonin nan suna sauya caji da farashi ba tare da sun yi shela ba. Ranar da wani aiki ya kawo maka dala 3,000 a dunƙule, ko ka yanke shawarar fara ajiya da dala, sannan ka kira abokinka ya raka ka banki, ya zama ɗaya daga cikin mutum biyun da za su tsaya maka.